Laftof marar katin girafik na daban: yadda ake gane ko za ta ɗauki wasannin gasa na intanet, da yadda ake shirya ta

Galibin laftof ɗin da ke hannun ɗalibai da ma'aikata an ƙera su ne domin aikin ofis, kuma ɓangaren da ke zana hoto a cikinsu yana manne da furosesa ne a kan guntu ɗaya, ba shi da ram nasa na kansa, ba shi da fankarsa, kuma ba shi da rabon wuta na daban. Irin wannan shi ake nufi da girafik na ciki. Tambayar da masu irin waɗannan na'urori suke yawan yi ita ce ko za su iya shiga Valorant ko Counter-Strike 2 ko Fortnite su fafata da mutane ba tare da hoton yana tsinkewa ba. Amsar ita ce wasu wasannin za su yi, wasu ba za su yi ba ko da me aka yi wa na'urar, kuma a tsakanin waɗannan biyun akwai fage mai faɗi inda abin da ke yanke hukunci shi ne yadda aka jera ram, da zafin da na'urar ke ɗauka, da girman hoton da aka nemi ta zana. Sunan furosesa, wanda masu sayarwa suka fi ɗaga murya a kansa, yana zuwa ne bayan waɗannan.

Domin bayanin ya tsaya a kan abu tabbatacce, zan bi na'ura guda daga farko zuwa ƙarshe: laftof ta ofis mai Core i5-8250U da girafik Intel UHD Graphics 620 da ram gigabait 8, irin HP EliteBook 840 G5 ko Lenovo ThinkPad T480, waɗanda suka cika shagunan kwamfutocin hannu a Kano da Kaduna da Abuja. Wasan da za a auna ta da shi shi ne Valorant.

Abin da ake nufi da hoton da za a iya wasa da shi

Wasa yana zana hotuna ne ɗaya bayan ɗaya, kuma adadin da ya zana a cikin sakan guda shi ne lambar da ake gani a allo da sunan `FPS`. Idan lambar 60 ce, kowane hoto ya ɗauki kusan milisakan 16.7 kafin a gama shi, idan kuwa 30 ce ya ɗauki milisakan 33.3. A wasan harbi, inda mutum biyu suke leƙowa daga kwana a lokaci guda, wannan tazarar tana nufin abin da kake gani ya riga ya tsufa kafin hannunka ya motsa. Don haka a wasannin harbi 60 ne ma'auni, kuma ƙasa da 45 hannu yana jin nauyin linzami a fili. A wasanni irin su League of Legends da Dota 2, inda ake kallon fili daga sama, mutum zai iya wasa mai kyau a 40 zuwa 50 muddin lambar ba ta faɗuwa warwas a lokacin da ƙungiyoyi biyu suka gwabza.

Matsakaicin lamba yana yaudara, kuma a nan ne mutane da yawa suke ruɗuwa. Na'urar da ke nuna 80 a lokacin da kake tsaye kana kallon bango, sannan ta sauko 28 da zarar an jefa hayaƙi an fara harbi, ba ta kai wadda ke zaune a 55 ba ta motsi ba. Lambar da za a riƙa duba ita ce mafi ƙanƙanta a tsakiyar faɗa. Sannan allon yawancin laftof ɗin ofis sau 60 yake sabunta hoto a sakan, saboda haka neman 120 a kansa ba zai ƙara abin da ido ke gani ba, illa zafi.

Mataki na farko: ka san ainihin abin da ke cikin na'urarka

Ka danna `Ctrl+Shift+Esc` domin buɗe `Task Manager`, ka shiga `Performance`. A ƙarƙashin `CPU` za ka ga cikakken sunan furosesa, a ƙarƙashin `GPU` kuma sunan girafik. Idan `GPU 0` kaɗai ka gani, girafik na ciki kawai gare ka. Kada ka tsaya a kan cewa na'urar Core i7 ce, domin i7 na zamani na shida da i7 na zamani na goma sha ɗaya sun yi nisa da juna ƙwarai a wajen zana hoto, kuma lambobin farko bayan layin tsakiya su ne ke nuna zamanin: 8250U na takwas ne, 1135G7 na goma sha ɗaya.

Girafik na ciki hawa-hawa ne. A ƙasa akwai HD Graphics 520 da HD 620 da UHD 620, waɗanda kusan ƙarfinsu ɗaya ne ko da yake sunayen sun bambanta, kuma UHD 620 yana da rukunin aiki 24, wato ƙananan sassan da ke raba aikin zana hoto a tsakaninsu. Sama da su akwai Radeon Vega 8 na furosesocin Ryzen irin 3500U, sai Iris Xe wanda ya fito a 2020 da rukuni 80 a Core i5-1135G7 da 96 a Core i7-1165G7. A can sama kuma akwai Radeon 680M na 2022 da 780M na 2023, waɗanda suke gogayya da ƙananan katunan girafik na daban. Wanda ke da ɗaya daga cikin biyun ƙarshe zai buga kusan duk wasannin gasa idan ya sassauta ingancin hoto, kuma wannan jagorar ba don shi aka fi rubuta ta ba.

Ga mai UHD 620, League of Legends da Valorant suna cikin abin da za a iya. Kamfanin Riot da ya yi Valorant ya sanya Intel HD 4000, wanda ya girmi UHD 620 da shekaru, a matsayin mafi ƙarancin girafik domin hotuna 30 a sakan, wato an gina wasan ne da niyyar ya hau na'urori masu rauni. Dota 2 da Rocket League da Fortnite suna kan iyaka, sai an sauke komai ƙasa. Counter-Strike 2 kuwa ya kamata a faɗi gaskiya a kansa: tsohon Counter-Strike: Global Offensive yana tafiya a kan irin waɗannan na'urori, amma tun da aka maye gurbinsa a watan Satumba na 2023 da sabon wasa mai injin Source 2, nauyinsa ya ƙaru sosai, kuma UHD 620 ba ya iya riƙe shi a matakin gasa. Bayanan da aka rubuta kafin wannan lokacin game da wasan ba su da amfani yanzu. Apex Legends da PUBG na kwamfuta da Call of Duty: Warzone kada ma a ɓata data wajen sauke su a wannan matakin.

Kafin a sauke Valorant a kan Windows 11, a tabbatar an kunna saitunan tsaro biyu na na'urar, `TPM 2.0` da `Secure Boot`, domin manhajar hana maguɗi ta wasan, Vanguard, tana ƙin barin a shiga idan babu su. A rubuta `tpm.msc` a wurin bincike domin ganin na farko, a rubuta `msinfo32` a duba layin `Secure Boot State` domin na biyu. Kwamfutocin hannu da dama suna zuwa da `Secure Boot` a kashe saboda yadda aka sake ɗora musu Windows a shago.

Mataki na biyu: ram, inda mafi yawan ƙarfin ya ɓuya

Katin girafik na daban yana da ram nasa mai sauri, wanda babu mai taɓa masa shi. Girafik na ciki kuwa daga ram ɗin na'ura yake ɗiba, ta hanyar da furosesa ma yake bi, kamar gidan haya mai famfo ɗaya da kowa ke jiran layi a kansa. Kowane hoto da za a zana sai an karanto siffofi da launuka daga ram, an rubuta sakamakon a can, an sake karantowa zuwa allo, kuma ana yin haka sau sittin a sakan. Saboda haka abin da ya fi takura girafik na ciki shi ne yawan bayanan da za su iya wucewa tsakaninsa da ram a sakan guda.

Lissafin ba shi da wuya. Sandar ram guda ta DDR4-2400 tana iya wuce da gigabait 19.2 a sakan. Furosesan yana da hanyoyi biyu zuwa ram, amma sanda ɗaya hanya ɗaya kawai take cikawa. Idan aka sa sanda ta biyu a ɗayan ramin, hanyoyin biyu suna aiki tare, adadin ya koma 38.4. Girafik ɗin bai canza ba, furosesa bai canza ba, amma abin da ke isa gare su ya ninka. Wannan ba ya nufin hotunan za su ninka, sai dai ƙarin yana da girma har a gan shi da ido, kuma ya fi fitowa a daidai inda ake buƙatarsa, wato a lokacin faɗa da lambar ke faɗuwa. Har kamfanin Intel kansa ya sharɗanta cewa sai da ram mai hanya biyu girafik ɗinsa ke cin sunan Iris Xe, shi ya sa wasu na'urori masu sanda ɗaya suke nuna UHD Graphics a maimakonsa.

Yawancin na'urorin da ake sayarwa da gigabait 8 sanda ɗaya ce a cikinsu. Domin tabbatarwa, a `Task Manager` ka shiga `Memory` ka duba `Slots used`. Idan ya nuna `1 of 2`, akwai rami a buɗe. Za a iya samun ƙarin bayani da wannan umarnin a PowerShell:

```
Get-CimInstance Win32_PhysicalMemory | Select-Object DeviceLocator, Capacity, Speed
```

Layi ɗaya yana nufin sanda ɗaya. Manhajar CPU-Z ma tana nunawa a shafin `Memory`, inda za ka ga `Single` ko `Dual`, ko kuma `1 x 64-bit` da `2 x 64-bit` a sababbin fitowarta. Mai DDR5 ya lura cewa sanda guda tana iya nuna `2 x 32-bit`, kuma wannan rabin hanya ne har yanzu.

EliteBook 840 G5 da ThinkPad T480 duk suna da rami biyu. Abin da za a saya shi ne ƙaramar sandar DDR4 ta laftof, gigabait 8, mai gudun 2400 ko sama da haka, domin wadda ta fi sauri za ta sauko ta daidaita da abin da furosesan ke ɗauka. Za a kashe na'urar gaba ɗaya, a zare caja, a kwance murfin ƙasa, a cire wayar batir ko a kashe shi daga saitin na'ura idan tana da wannan zaɓin. Sandar tana da ɗan tsagi a gefen haƙoranta wanda ba a tsakiya yake ba, sai a daidaita shi da ɗan tudun da ke cikin ramin, a tura ta a karkace har haƙoran zinaren su kusa ɓacewa, sannan a danna ta ƙasa a hankali har ƙarafan gefe biyu su kama ta da ɗan sautin ƙas. Idan aka kunna allon ya tsaya baƙi na ɗan lokaci a karon farko, ba matsala ba ce, na'urar tana gwada sabon ram ne. Idan ya daɗe bai kawo ba, galibi sandar ce ba ta zauna daidai ba.

Gigabait 8 da 8 shi ne abin da nake ba da shawara, domin yana magance matsala biyu a lokaci guda. Girafik na ciki yana cin rabonsa daga ram ɗin, Windows yana cin nasa, kuma a kan gigabait 8 kacal wasan yakan rasa wurin zama har na'urar ta fara ajiye bayanai a faifai, abin da ke haddasa tsayawar hoto ta ɗan lokaci. Sanda 4 da 4 ta fi sanda 8 guda sauri a wasa, amma tana barin matsalar ƙarancin wuri. Haɗa 8 da 4 yana aiki, sai dai wani ɓangare na ram ɗin zai kasance a hanya ɗaya. Akwai kuma na'urorin da aka yi su da rami ɗaya tak ba tare da wani ram manne a cikinsu ba, kuma waɗannan babu yadda za a yi da su. Wanda bai sayi laftof ba tukuna ya nemi a buɗe masa `Task Manager` a shagon ya gani da idonsa kafin ya biya.

Akwai wata shawara da ke yawo cewa a shiga saitin farko na na'ura, wato BIOS, a ƙara ram ɗin girafik daga megabait 128 zuwa gigabait 1 ko 2. Wannan ba ya ƙara sauri. Windows yana ba girafik na ciki abin da yake buƙata da kansa, har zuwa kusan rabin ram ɗin na'ura, kuma ana ganin haka a `Shared GPU memory`. Ram ɗin dai shi ne, hanyar ma ita ce.

Mataki na uku: wuta da zafi

Core i5-8250U an tsara shi ne a kan wat 15, kuma wannan wat 15 ɗin furosesa da girafik suke rabawa. A farkon aiki mai nauyi na'urar tana yarda a wuce wannan iyakar na ɗan gajeren lokaci, daga nan ta dawo da shi. Shi ya sa gwajin minti ɗaya ba ya nuna gaskiya.

A yi wasa da caja a jiki. A kan batir, na'urar tana rage wa furosesa da girafik wuta da gangan, kuma idan aka ɗauke wuta a tsakiyar wasa za ka ga lambar ta sauka nan take. Cajar ma ta kasance mai ƙarfin da aka rubuta wa na'urar, wat 45 ko 65 ga irin waɗannan, domin wasu laftof suna rage gudun furosesa idan ba su gane cajar da aka sa musu ba. Sannan a Windows 11 a shiga `Settings`, `System`, `Power & battery`, a mayar da `Power mode` zuwa `Best performance`.

Zafi shi ne abin da ya fi damun na'ura a ƙasarmu. Iyakar wannan furosesan digiri 100 ce, kuma idan ya kusanto ta yakan rage gudunsa domin ya kare kansa. Laftof da aka gwada a ɗaki mai sanyi ba za ta yi irin wannan aikin ba a ɗakin da ya kai digiri 38 a watan Afrilu, domin iskar da fanka ke ja ta riga ta yi zafi. Ga kuma ƙurar hunturu. Idan aka buɗe na'urar da ta shekara biyu ba a share ta ba, aka ɗaga fanka, akan tarar da wani lallausan abu toka-toka kamar auduga ya toshe bakin siraran ƙarafan da iska ke fita ta cikinsu, har a iya ɗago shi gaba ɗaya da tsinke. Fankar tana ta kuka, amma iskar ba ta wucewa. A cire wannan, a share fukafukan fankar da busasshen buroshi, kuma idan na'urar ta tsufa a sa mai gyara ya goge busasshen man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen sanyaya ya shafa sabo. Bayan haka kada a ɗora ta a kan katifa ko darduma. A sa ta a tebur, a ɗaga bayanta da ɗan abu kamar yatsa biyu domin iska ta shiga ta ƙasa.

Manhajar HWiNFO tana nuna zafin kowane ɓangare, kuma tana da layin `Thermal Throttling` wanda ke komawa `Yes` idan zafi ya sa an rage gudu. A bar ta a buɗe a yi wasa na minti ashirin, sannan a fito a duba mafi girman zafin da ta rubuta.

Sauran shirin ba ya ɗaukar lokaci. A rufe burauza, musamman idan bidiyo yana tafiya a cikinta, domin girafik ɗin da ke zana wasan shi ke kunna bidiyon. A kashe `Record what happened` a ƙarƙashin `Gaming` da `Captures`. A sabunta direban girafik sau ɗaya, amma kada a sa rai da yawa a kansa: tun 2022 Intel ya mayar da girafik na zamani na shida zuwa na goma cikin rukunin tsofaffi, waɗanda gyaran tsaro da manyan kurakurai kawai ake yi musu.

Mataki na huɗu: saitin cikin wasan

Babu saitin da ya kai girman hoto tasiri. Hoto mai 1920 da 1080 yana da ɗigo 2,073,600. Mai 1600 da 900 yana da 1,440,000. Mai 1280 da 720 yana da 921,600, wato ƙasa da rabin na farko. Kowane ɗigo aiki ne ga girafik, kuma kaya ne da zai bi ta hanyar ram. Don haka a Valorant a shiga `Settings`, `Video`, `General`, a sa `Display Mode` a kan `Fullscreen`, a sa `Resolution` a 1280x720. Hoton zai ɗan dushe a kan allon 1080, amma wasan yana zagaye abokan gaba da launi mai haske, saboda haka ana ganin su sarai. Wanda allonsa 1366 da 768 ne zai iya barinsa a haka, tunda tazararsa da 720 kaɗan ce.

A shafin `Graphics Quality` a bar `Multithreaded Rendering` a kunne idan ya bayyana, a sa `Material Quality` da `Texture Quality` da `Detail Quality` da `UI Quality` duk a `Low`, a kashe `VSync` da `Vignette` da `Bloom` da `Distortion` da `Cast Shadows`, a sa `Anti-Aliasing` a `None`. Dalilin kashe `VSync` shi ne yana ƙara jinkiri tsakanin motsin hannu da abin da ke fitowa a allo, kuma idan na'urar ta kasa kai 60 yana iya jawo lambar ƙasa fiye da yadda ya kamata. A shafin `Stats` kuma a kunna `Client FPS` da `Network Round Trip Time` da `Packet Loss`.

Sauran wasannin ma tsarin ɗaya ne da sunaye daban. A Fortnite ana mayar da `Rendering Mode` zuwa `Performance` a rage `3D Resolution`, a Dota 2 kuma ana rage `Game Screen Render Quality`, wanda ke dusar da filin wasa ya bar rubutu da taswira a sarari.

Abu na ƙarshe a saiti shi ne sanya wa lambar iyaka, kuma mutane da yawa ba sa son jin wannan. Idan aka bar wasan ya zana iya ƙarfinsa, yana ƙona wuta da tara zafi a lokacin da babu abin da ke faruwa, sai faɗa ya zo ya tarar da na'urar ta riga ta gaji. A kunna `Limit FPS Always` a sa `Max FPS Always` a 60. Idan na'urar ba ta iya riƙe 60, a sa iyakar kusa da abin da take iya riƙewa, misali 50, domin hannu yana saba wa gudu ɗaya da ba ya canzawa fiye da gudun da ke hawa da sauka.

Mataki na biyar: gwaji da karanta alamomi

Filin atisaye na wasan ba ma'auni ba ne, domin babu 'yan wasa goma kuma babu hayaƙi. `Deathmatch` ma ba ya nuna komai duka, tunda ba a amfani da dabarun jarumai a cikinsa. A shiga `Swiftplay` ko `Unrated`, a yi aƙalla minti ashirin, a riƙa lura da lambar a lokacin da aka taru a wuri ɗaya ana jefa hayaƙi da wuta. Kuma a canza abu ɗaya kawai a kowane gwaji, in ba haka ba ba za a san abin da ya yi aiki ba.

A ɗauka na'urarmu, da sanda ɗaya da hoton 1080, ta nuna lambar da ke yawo a talatin da wani abu. Gwajin farko shi ne saukar da hoton zuwa 720. Idan lambar ta tashi sosai, girafik ne ke riƙe da wasan, kuma sanda ta biyu za ta ƙara ɗaga ta. Idan kuwa ta ƙi motsi ko ta motsa kaɗan, matsalar ba ta girman hoto ba ce, sai a koma kan furosesa: a duba ko ana kan batir, ko wata manhaja tana aiki a ɓoye, ko kuma gudun da `Task Manager` ke nunawa ya sauka ƙasa da gigahaz 1.6, wanda shi ne gudunsa na asali. Furosesan da ke zaune ƙasa da wannan a tsakiyar wasa, zafi ne ko caja ko iyakar wat 15 ɗin da yake rabawa da girafik ke danne shi.

Idan wasan ya fara lafiya, bayan minti goma ya soma ja, kuma ƙasan na'urar ya yi zafin da hannu ba ya jurewa, zafi ne, a koma mataki na uku. Idan lambar tana da kyau amma hoton yana daskarewa na rabin sakan jefi-jefi, a duba `Memory`: idan ya cika ya haura kashi 90, ram ne ya yi kaɗan, kuma abin ya fi muni idan wasan yana kan tsohon faifai mai juyawa. Idan kuwa lambar ba ta motsa ba amma 'yan wasa suna tsalle daga wuri zuwa wuri, ko ka harbi mutum harsashin bai shiga ba, wannan intanet ne, kuma babu ram ko saitin hoto da zai gyara shi. Mai wasa daga Najeriya ko Nijar yana haɗuwa ne da sabobi, wato kwamfutocin kamfanin da ke riƙe da wasan, waɗanda ke nesa, galibi a Turai, don haka `Network Round Trip Time` da ya haura milisakan 100 abu ne da aka saba gani. Abin da ya fi wannan cutarwa shi ne `Packet Loss`, wanda yakan taso idan waya ce ke raba intanet daga ɗaki mai raunin sabis; haɗa wayar da laftof ta kebul da ajiye ta kusa da taga yakan rage shi.

Bayan an sa sanda ta biyu, an share fanka, an sa caja, an sauke hoto zuwa 720, abin da ya dace a sa rai daga UHD 620 a Valorant shi ne lamba da ke kusa da 60 a yawancin zagaye, tana sauka a faɗa mai cunkoso. Wannan ya isa a shiga wasan matsayi a yi abin kirki. Idan an yi duk wannan a wani wasa kuma mafi ƙanƙantar lambar tana ƙasa da 30, an kai iyakar girafik ɗin, kuma tunda a manne yake da furosesa, furosesan kuma a manne da babban allon cikin na'ura da ake kira motherboard, ba a canza shi. Manhajojin da ake tallatawa da sunan ƙara gudun wasa ba sa ƙara rukunin aiki ko faɗin hanyar ram, wasunsu ma suna taɓa fayilolin da manhajar hana maguɗi ke sa wa ido, abin da ke iya jawo a rufe asusun mutum. A wannan matakin kuɗin da za a kashe ya fi amfani idan aka tara shi domin na'ura mai Iris Xe ko Radeon 680M da ram mai hanya biyu, ko kuma mai katin girafik na daban idan Counter-Strike 2 ko Apex Legends ake nufi.